Wasiƙar da zan kai wa maigidana kan kemo: ku duba mini kafin in miƙa

Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Wasu a cikinku sun san abin da nake ciki, wasu ba su sani ba. An gano ina da ciwon daji na kaluluwa, na fara karɓar kemo a asibitin koyarwa na Shika. Likita ya ce zagaye 6 za a yi, kowane kwana 21, an riga an yi ɗaya. Ina aiki a wani kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi a Sabon Gari, ni ke riƙe da littafin sito, Litinin zuwa Asabar. Alhaji ya san ba ni da lafiya amma bai san ko mene ne ba, kuma na ga fuskar manaja ta fara canjawa, ga damina ta kawo kai, lokacin da aiki ya fi yawa ke nan. Ga abin da na rubuta:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na rubuto ne don in ba ka haƙuri a kan rashin zuwa aiki da nake yi kwanakin nan. Wallahi ba da son raina ba ne, wata 'yar rashin lafiya ce ke damuna, amma ina samun sauƙi. Ina roƙon a riƙa yi mini uzuri duk ranar da ban samu zuwa ba. In sha Allahu da na warware zan rama duk aikin da ya wuce ni. Na gode, yaronka, Sadiq."

Ya kuka gani?

Maman Iman: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ka lafiya ƙanena, ya sa kaffara ne. Ni dai na ga ta yi, akwai ladabi a ciki.

Malam Garba: Allah ya ba ka lafiya ɗana. Ladabi kam akwai, amma ban ga wasiƙa ba. Na yi shekaru ina kula da fayil ɗin ma'aikata kafin in yi ritaya, irin wannan takarda ita ce wadda ake karantawa a ajiye, bayan wata biyu a kira mutum a ce haƙurin ya ƙare. Sa kanka a kujerar Alhaji. Ya karanta, me ya ƙaru da shi? Bai san ko sati biyu za a yi ko shekara ba. Bai san wace rana zai tarar da kai a sito ba. Bai san wa zai riƙe littafi ranar da tirela ta zo da taki ba. Ka ce masa "duk ranar da ban samu zuwa ba", wato kullum da safe sai ya jira ya gani. Babu mai kasuwanci da zai iya zama a haka. Sannan ka ce kana samun sauƙi, alhali zagaye biyar na gabanka. Idan ka faɗi haka yau, wata mai zuwa ya gan ka ka fi ramewa gashi ya zube, sai ya ɗauka ka ɓoye masa wani abu. Kuma ka cire maganar ramawa, alkawari ne da ba a hannunka yake ba.

Dan Tudun Wada: Ni abin da ban gane ba, me ya kawo wasiƙa tsakanin yaro da ubangidansa? Ka shirya bayan la'asar ka je gidansa, ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗa masa. Irin su Alhaji idan ka kai musu takarda sai su ga kamar ƙararsu za ka kai.

Malam Garba: Ya je, wannan dole ne. Amma ya je da takardar a aljihu. Maganar baki tana gyara zuciya, albashi kuwa akanta ne ke yinsa, kuma akanta ba ya gidan Alhaji lokacin da aka yi maganar.

Anti Ladi: Sadiq sannu, Allah ya sa ka gama lafiya. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin masu irin wannan magani. Kafin a gyara wasiƙar sai an san yadda jikinka yake tafiya a cikin kwana 21 ɗin nan, don gajiyar kemo ba a shimfiɗe take ba, tana da ranakunta. Me aka rubuta a katinka? Wace rana ake sa maka ruwan? Kuma an ba ka wasu ƙwayoyi ka riƙa sha da safe na kwana biyar?

Sadiq: Anti, CHOP aka rubuta, wai haɗin magunguna huɗu ne. Alhamis aka sa mini. E, an ba ni ƙwayoyin, firedinisolon. Juma'a da Asabar tashin zuciya ya hana ni sakat, ko ƙamshin miya ban so. Litinin na ji garau, na je aiki har na ce wa manaja na warke. Talata da safe kuwa ko zaman gado na kasa. Na yi barci har azahar na tashi kamar ban kwanta ba. Laraba ma haka. Wannan ne ya ɓata masa rai, don ya gan ni da ƙarfina ranar Litinin.

Anti Ladi: To ka ga abin da ya kamata ya shiga wasiƙar ke nan, kuma shi ka bari a waje. Ƙarfin da ka ji ranar Litinin na ƙwayar nan ne. Tana ɗaga mutum, tana buɗe masa ci, tana ma hana wasu barci. Alhamis rana ta ɗaya, Litinin ta biyar, ranar ka sha ta ƙarshe. Da ta janye sai jiki ya faɗi, shi ya sa Talata da Laraba suka kayar da kai. Yawancin masu shan wannan haɗin haka suke ba da labari, kuma mai yiwuwa haka zai riƙa yi maka duk zagaye. Idan ba ka gaya wa Alhaji tun yanzu ba, duk bayan sati uku zai ga mutum lafiya lau ranar Litinin, ya ɓace ranar Talata, sai zargi ya shiga.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Daga wajen rana ta 7 zuwa ta 14 fararen ƙwayoyin jininka suke yin ƙasa sosai, wato daga Larabar nan zuwa wata Larabar. A kwanakin za ka iya jin ka fara farfaɗowa, amma lokacin ne garkuwar jikinka ta fi rauni. Murar da wani zai yi ya warke a kwana uku tana iya kwantar da kai a asibiti. Za ka iya zuwa aiki, amma ba a kanta ba inda manoma ke cincirindo, ba kuma cikin sito ana sauke buhu ƙura na tashi ba. Ka nemi a ba ka kujera a ofishin baya. Ka sayi tamomita ka ajiye a aljihu. Duk sa'ad da zafin jikinka ya kai 38, ko ka ji rawar sanyi, ba a jiran gari ya waye, ba a shan farasitamol a kwanta, Shika za ka nufa nan take. Wannan ma a rubuta shi, don kada ranar da ka ajiye biro ka fita da tsakar rana a ce ka gudu daga aiki.

Sati na uku shi ne naka. Daga wajen rana ta 15 har zuwa gwajin jini na gaba mutum ya fi ƙarfi. Duk aiki mai nauyi, ƙirgar kaya da daidaita littafi, a tura shi can.

Usman Kongo: Kai Sadiq kada ka wahalar da kanka da roƙo. Doka ta ba ma'aikaci mara lafiya wata shida da cikakken albashi, kuma ba wanda ya isa ya kore shi. Yayana da ya yi jinya haka aka yi masa. Ka rubuta musu sashen dokar kawai su gani.

Barista Hauwa: Usman, ina yayan naka yake aiki?

Usman Kongo: Ma'aikatar gwamnatin tarayya ce.

Barista Hauwa: To shi ya sa. Ma'aikacin gwamnati ƙa'idojin aikin gwamnati ke bin sa, suna da nasu tsarin na doguwar jinya, har da kwamitin likitoci da ke duba mutum. Sadiq a kamfanin ɗan kasuwa yake, abin da ke bin sa shi ne Dokar Ƙwadago da kuma takardar ɗaukarsa aiki. Sashe na 16 na dokar ya ce a biya ma'aikaci albashin kwanakin da bai zo ba saboda rashin lafiya har zuwa kwanakin aiki 12 a shekara, idan likita mai rajista ya tabbatar. Kwana 12 ne, ba wata shida ba. Sashen ya kuma ba mai aiki damar ya ce sai likitan da shi ya zaɓa ya duba ka, kuma idan ya nemi haka sai ka yarda. Hutun shekara kuwa sashe na 18 ya ce aƙalla kwanakin aiki 6 ga wanda ya cika wata 12 yana aiki. Wannan shi ne mafi ƙanƙanta, idan takardarka ta ba ka fiye da haka to ita za a bi. Aikin akawu irin naka yana cikin waɗanda dokar ta rufe, wannan ba matsala.

Maganar kora kuma kada a ba shi ƙarfin gwiwar da ba ya nan. Dokar ta bar ƙofar sallama da sanarwa a buɗe: sati ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sati biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ana iya zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana zama a Kaduna, a yi jayayya cewa sallamar ba ta adalci ba ce. Amma mai karɓar kemo ba shari'a yake bukata ba a yanzu. Shawarata kada a sa lambar sashe ko ɗaya a wasiƙar. Ka san dokar don ka san inda kake tsaye, abin da ya wuce kwana 12 kuwa yarjejeniya ce za ku yi da Alhaji, kuma yarjejeniya ba a fara ta da barazana.

Sadiq, kana da takardar ɗaukar aiki? Me ta ce?

Sadiq: Ina da ita Barista. Shekarata uku a wurin. Ta ce hutun shekara sati biyu, ba ta ambaci rashin lafiya ba. Bana ban ɗauki hutu ba tukuna. Amma tsakanin gwaje-gwaje da yankar kaluluwar da zagayen farko na riga na rasa kwana 8.

Malam Garba: Madalla, yanzu a yi lissafi, don lissafin ne zuciyar wasiƙar. Kowane zagaye: Alhamis, Juma'a, Asabar, sai Talata da Laraba. Kwana 5 ke nan, Lahadi dama ba aiki. Saura zagaye 5, ya zama kwana 25. Ga kuma Larabar gwajin jini kafin kowane zagaye, rabin yini sau 5, wannan a roƙa a bar maka shi a matsayin izini. Daga kwana 12 na doka ka ci 8, saura 4. Hutunka na sati biyu kwanakin aiki 12 ne tunda kuna yin Asabar. 4 da 12 sun ba da 16. A cire daga 25, saura kwana 9 da ba su da mariƙi. Ka ga abin da ake tsoro ya koma kwana 9 a cikin kusan wata huɗu. Wannan abu ne da mutum zai iya kallo ya ce na ɗauka, ko a raba biyu.

Anti Ladi: Baba Garba lissafinka daidai ne a takarda, amma ni ban yarda ya ƙone hutunsa duka ba. Zagaye na biyar ba irin na farko ba ne. Gajiyar taruwa take yi, jini yana raguwa a hankali, wanda ya tashi bayan kwana biyu a farko yana iya bukatar huɗu a ƙarshe. Kuma ranakun ba kafaffu ba ne. Idan aka gwada jini ranar Laraba aka ga bai dawo ba, ana iya ɗaga zagayen da sati guda, duk jadawalin ya matsa. Idan zazzaɓi ya kama shi aka kwantar da shi, kwanaki ne za su tafi da ba ka sa a lissafi ba. Bayan ruwan ƙarshe ma ba washegari ƙarfi ke dawowa ba, yakan ɗauki makonni, wasu har watanni. Idan ya cinye hutun tun yanzu, da me zai tari wancan?

Malam Garba: Na ji ki, amma idan bai sa komai nasa a kan tebur ba, da wane baki zai nemi a biya shi kwana 21 da za su rage in an cire 4 na doka daga 25? Ya ba da rabi to, kwana 6, ya ajiye 6. Abin da ba shi da mariƙi ya zama 15.

Anti Ladi: Wannan ya fi. Amma a rubuta cewa lissafin na iya ƙaruwa.

Malam Garba: A rubuta, amma jimla ɗaya tak. Idan ya cika wasiƙar da "mai yiwuwa" mun koma inda muka fara.

Baban Khalifa: Salam, yanzu na shigo. Akwai wani mai magani a hanyar Giwa, ya warkar da mutane da yawa masu wannan ciwo. Zuma da habbatus sauda da wani sassaƙe. Kemon nan shi ke ƙarasa mutum, ka ga tun zagaye ɗaya ya kayar da kai. In kana so in haɗa ku.

Anti Ladi: Baban Khalifa, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma don Allah a bar yaron nan ya gama maganinsa. Ciwon kaluluwa yana cikin waɗanda kemo ke yi wa aiki sosai, da yawa ana warkewa, kuma abin da ke ɓata shi shi ne tsallake zagaye ko tsayawa a tsakiya. Gajiyar ba alamar magani na kashe shi ba ce. Sadiq, duk abin da za ka sha, ko sassaƙe ne ko na kemis, ka nuna wa likitanka tukuna, hanta da ƙodarka suna da aiki a gabansu.

Baban Khalifa: To shi ke nan, Allah ya ba da lafiya.

Zainab Samaru: Ni tambayata ɗaya, dole ne ya rubuta sunan ciwon? Na koyar a wata makarantar kuɗi, wata abokiyar aikina ta faɗa wa mai makarantar tana da sankarar mama. Kafin sati ya zagayo har iyayen yara sun ji, ana yi mata kallon wadda ta riga ta mutu, wata uwa ma ta ce a cire ɗanta daga ajinta kada ya ɗauka. Zangon karatu na gaba ba a sabunta mata aiki ba. Da ta ce jinya kawai take yi, da tana nan. Ni na ce ya rubuta "magani mai tsawo" ya haɗa da takardar likita, ya isa.

Barista Hauwa: Ba dole ba ne. Abin da ake bukata shi ne shaidar likita cewa ba zai iya aiki ba a kwanaki kaza. Yana iya roƙon likitan ya rubuta tsawon maganin da ranakun hutu ba tare da sunan ciwon ba. Sai dai takardar za ta fito da kan sashen da ya ba da ita, mai karatu zai gane.

Alhaji Sani Kwangila: Bari in sa baki a matsayin mai yara a ƙarƙashinsa. Ni idan yarona ya ce mini "magani mai tsawo" ya yi shiru, zuciyata za ta tafi wurare da yawa, kuma ba duka ne masu kyau ba. In ya ce mini daji ne, ga takarda daga Shika, to na san abin da nake ɗauka, kuma kunyar Allah ma za ta hana ni taɓa albashinsa. Abin da ya faru da malamar nan Zainab, laifin bakin mai makaranta ne. Shi ya faɗa wa Alhaji shi kaɗai, ya roƙe shi ya riƙe. Manaja da akanta a ba su ranaku kawai. Kuma gashi zai zube, hula ba ta rufe gira.

Abin da ni zan nema a takardar shi ne wa zai riƙe littafin. Lokacin taki ne, kuɗi ne ke shiga da fita kamar ruwa, kwana biyu babu mai rubutu sai a nemi buhu hamsin a rasa. Idan ya zo mini da sunan wanda zai koya wa aikin, ya gama da ni.

Zainab Samaru: Alhaji kai ne mai kunyar Allah, ba kowa ba. Ni ban canja ra'ayi ba. Maganar da ta fita ba ta dawowa.

Sadiq: Anti Zainab na fahimce ki, na kwana ina juya maganar. Amma Alhaji abokin mahaifina ne tun suna samari, in ya ji a bakin wani zai fi jin ciwo. Zan faɗa masa. Akwai yaron da ke taya ni a sito, ya iya lissafi, zan iya nuna masa. Ga sabuwar da na rubuta, ku sake dubawa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na rubuto ne in sanar da kai halin da nake ciki da kuma abin da nake roƙo. Likitoci a asibitin koyarwa na Shika sun tabbatar ina da ciwon daji na kaluluwa, kuma na fara karɓar magani. Za a yi mini sau 6, duk bayan sati uku. An yi ɗaya, saura 5, wato kusan wata huɗu nan gaba. Takardar likita tana haɗe da wannan. Ciwon ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Ina roƙon maganar ta tsaya a wurinka, manaja da akanta a ba su ranakun kawai.

Maganin yana kawo gajiyar da barci ba ya kawar da ita, amma tana da ranakunta. A kowane zagaye ba zan iya zuwa ba ranar Alhamis da ake ba ni maganin, da Juma'a da Asabar, sai kuma Talata da Laraba masu bi. Ranar Litinin da ke tsakani zan zo, kuma za a gan ni da ƙarfi, amma ƙarfin wata ƙwaya ce da ke ƙarewa a ranar. Larabar da ke gaban kowane zagaye zan je gwajin jini da safe in dawo da azahar.

A sati na biyu zan zo aiki, sai dai garkuwar jikina tana ƙasa, don haka ina roƙon in zauna a ofishin baya maimakon kanta da cikin sito. Idan zazzaɓi ya kama ni dole in tafi asibiti nan take, zan sanar da manaja ta waya. A sati na uku nake da ƙarfi, a nan zan riƙa yin ƙirgar kaya da daidaita littafi.

Jimlar kwanakin da zan rasa 25 ne. Ina da sauran kwana 4 na rashin lafiya, kuma a cire 6 daga hutuna na shekara. Sauran 15 ina roƙon a duba mini su, ko da rabin albashi ne. Idan likita ya ɗaga wani zagaye ko kwanakin suka ƙaru wajen ƙarshe, zan sanar da kai a ranar da na sani.

Kafin Alhamis mai zuwa zan nuna wa mataimakina yadda ake shigar da kaya da fitar da su, ni kuma in bi abin da ya rubuta duk ranar da na dawo.

Na gode da riƙon da kake yi mini. Yaronka, Sadiq."

Malam Garba: Yanzu aka yi wasiƙa. Gyara biyu. Ka haɗa wata 'yar takarda daban mai ɗauke da kwanan wata na kowane zagaye, ba sunan rana kawai ba, ita za a ba manaja ya manna a bango ba tare da ya ga sauran ba. Sannan ka buga kwafi biyu, Alhaji ya sa hannu a ɗaya ka ajiye a gida. In kana jin nauyin ce masa ya sa hannu, ka ce akanta ne zai nema, kuma gaskiya ne zai nema.

Barista Hauwa: Ni "ko da rabin albashi ne" ɗin nan ce ba ta kwanta mini ba. Ka yi wa kanka ragi tun ba a taya ba. Ka ce a duba maka su, ka yi shiru, in shi ya kawo rabi sai ka karɓa.

Alhaji Sani Kwangila: A'a Barista, a bar ta. Ita ce ke nuna yaron ba cin banza ya zo yi ba. Ni in na ga haka ne nake cewa a bar masa duka.

Barista Hauwa: Wani kuma in ya ga haka sai ya ce to rabi, an gama. Kuma kuɗin magani na jiran yaron nan duk sati uku.

Maman Iman: Ni dai kalmar "yaronka" ta burge ni, kada a cire ta.

Anti Ladi: Ka ƙara abu ɗaya a bakinka in kun zauna, ba sai a takarda ba. Ɗaya daga cikin magungunan nan huɗu yana sa yatsu su yi dindiris, riƙe biro ko danna kwamfuta ya yi wuya. In ka fara jin haka ka gaya wa likita kafin zagaye na gaba, ana iya rage shi, kuma manaja ya san dalilin da rubutu ya yi jinkiri. Ranar ruwa kuma kada ka hau babur da kanka daga Shika, a samu mai ɗauko ka.

Sadiq: Jama'a na je jiya bayan la'asar kamar yadda Dan Tudun Wada ya ce, na faɗa masa da baki tukuna sannan na miƙa takardar. Na bar maganar rabin albashin a ciki, Barista ki yi haƙuri. Ya karanta sau biyu, ya yi faɗa don me ban faɗa masa tun farko ba. Ranakun duk ya amince, ofishin baya ma ya ce a gyara mini. Hutuna ya ce kada a taɓa ko kwana ɗaya. Amma kan sauran kwanakin bai yanke ba, ya ce sai ya zauna da akanta, don akwai wani a sito da aka yanke wa albashi bara da ya yi jinyar karaya, ba ya so a ce ya yi sonkai. Hannu kuma bai sa ba, ya ce "tsakanina da kai sai an sa hannu?" Na kasa cewa komai.

Malam Garba: To tunda ya hana a taɓa hutun, kwanakin da ke jiran hukunci sun koma 21, ba 15 ba, ka tabbata akanta ya san haka. Kada ka matsa masa kan sa hannu. Ka tura masa saƙon godiya ta waya yau, ka jera abin da ya amince da shi a ciki, ranakun da ofishin baya da hutun. In ya amsa ko da "ba komai" ne, ka ajiye saƙon.

Barista Hauwa: Saƙon ya wadatar a yanzu. Amma ka tambaye shi yaushe za su zauna da akantan, a san matsaya kafin a rufe albashin wannan watan.

Sadiq: Zan tambaya gobe in na dawo daga gwajin jini.